Jadawalin da ake gani amma ba ya taɓuwa

Akwai ɗan gwaji da kowa zai iya yi da takardar bincike da ya sauke daga intanet. Ya buɗe fayil ɗin PDF, ya danna `Ctrl+F`, ya rubuta wata lamba da yake gani ƙuru-ƙuru a cikin jadawali, misali 3.4. Idan kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba, alhali ga lambar nan a gaban idonsa, to abin da ke shafin ba jadawali ba ne, hoton jadawali ne. Idan ya ja linzamin kwamfuta a kansa domin ya kwafi layi ɗaya, duk jadawalin ne zai haskaka lokaci guda kamar hoton mutum, ko kuma ya ƙi motsi sam.

Mai karatu don nishaɗi ba ruwansa da wannan bambanci. Amma ɗalibin digiri na biyu ko na digirgir, wanda aikinsa ya dogara a kan ya ɗauki alƙaluman wasu ya sake lissafi da su, a nan yake cijewa. Hoton buhun masara yana nuna cewa akwai buhu, amma ba a ɗora shi a kan sikeli. Daga wannan cijewa ne ake samun wata irin wasiƙa da editocin mujallun ilimi suka saba gani a akwatin imel ɗinsu: ɗalibi yana roƙon a taimaka masa da ainihin alƙaluman da ke bayan jadawali kaza na takarda kaza.

Hanyoyin da jadawali yake bi ya zama hoto ba su da yawa. Tsofaffin mujallu da aka buga kafin zamanin kwamfuta, shafi-shafi aka ɗora su a na'urar sikana, saboda haka komai nasu hoto ne. A sababbin takardu kuwa, sau da yawa marubucin ne da kansa ya ɗauki hoton sakamakon da manhajar lissafi irin SPSS ta fitar masa, ya liƙa a cikin Word, ya aika haka, mujallar da ba ta da isassun ma'aikata kuma ta buga yadda ya zo. Wani lokaci ma laifin na masu tsara shafi ne: jadawali mai faɗi ya ƙi shiga, sai su mayar da shi hoto su matse shi. Masu larurar gani su ne suka fi cutuwa da wannan ɗabi'a, domin manhajar da ke karanta musu rubutu da murya tana zuwa kan hoto sai ta tsallake, ko ta ce akwai hoto kawai ta wuce.

A ɗauki misalin wata ɗaliba a tsangayar aikin gona, wadda take tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan takin zamani da masara a yankunan savana. Aikinta shi ne ta haɗa sakamakon takardu masu yawa ta fitar da amsa guda: idan aka zuba taki kaza, amfanin gona yana ƙaruwa da kashi nawa? A ɗaya daga cikin takardun akwai jadawali mai layi huɗu, ana auna amfani da tan a kowace hekta. Gonar da ba a sa wa taki ba ta ba da 1.9. Layi na uku 3.1, na huɗu 3.4. Layi na biyu, wanda shi ne take buƙata, hotonsa ya dusashe: ko 2.6 ne ko 2.8, ko ta ƙara girman shafin sai dai ɗigon tawada ya ƙara bajewa.

Tazarar kamar ba komai ba ce, amma idan 2.6 ne, taki ya ƙara amfani da kusan kashi 37 cikin ɗari, idan kuwa 2.8 ne, ƙarin ya kai kashi 47. Ɗalibar mai wayo ce, sai ta duba ƙasan jadawalin inda aka rubuta matsakaicin layukan huɗu, da fatan ta gano lambar da ta ɓace ta hanyar lissafi. An rubuta 2.8. Ta gwada da 2.6: jimla ta zama 11.0, a raba huɗu, 2.75, wanda idan aka taƙaita shi zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo zai koma 2.8. Ta gwada da 2.8: jimla 11.2, a raba huɗu, 2.8 daidai. Duka biyun sun dace. Taƙaita alƙaluma da aka yi kafin bugawa ya shafe shaidar da za ta raba gardamar.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma ko hoton ya fito tangaran ba za ta warware ba. A gefen kowace lamba an rubuta ± 0.3, ba tare da an faɗi ko mene ne ba. Masu bincike suna sa abu biyu daban-daban a wannan gurbi. Ɗaya shi ne SD, wanda yake nuna yadda amfanin filayen gwaji ya bambanta da juna. Ɗayan kuma SE, wanda yake nuna iyakar tabbacin da ake da shi a kan matsakaicin, kuma ana samunsa ne ta raba SD da tushen murabba'in yawan filayen. Takardar ta ce an yi gwajin a filaye huɗu, tushen huɗu kuwa biyu ne. Saboda haka idan 0.3 ɗin SE ne, to SD ya zama 0.6. Idan ɗalibar ta ɗauke shi a matsayin SD alhali SE ne, za ta sake raba shi biyu, ta sami 0.15, ta ɗauka gwajin ya fi yadda yake daidaito. A irin wannan aiki na haɗa bincike, nauyin da ake ba kowane gwaji yana tafiya da murabba'in wannan lamba, don haka kuskuren rabi yana sa takarda ɗaya ta sami nauyi ninki huɗu fiye da haƙƙinta. Takarda ɗaya tak tana iya jan amsar kundin gaba ɗaya zuwa ɓangarenta.

Wani zai ce ai akwai manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto. Akwai su, kuma suna taimakawa. Tesseract kyauta ce, tana mayar da hoton rubutu zuwa haruffa. Tabula tana zaro jadawali daga PDF, sai dai tana aiki ne kawai idan akwai ainihin rubutu a cikin fayil ɗin, a kan hoto ba ta iya komai. Amma lambobi sun fi kalmomi wuyar sha'ani. Idan manhaja ta karanta kalma da kuskuren harafi ɗaya, mai karatu zai gane daga ma'anar jimla. Idan ta karanta 0.08 a matsayin 0.03, ko ta haɗiye ɗigo ta mayar da 1.9 zuwa 19, ko alamar ragi ta ɓace a gaban lamba, babu wata jimla da za ta tona asirin.

Akwai ma abin da ya fi haka tayar da hankali. A watan Agustan 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya lura cewa wasu na'urorin sikana na kamfanin Xerox suna sauya lambobi a cikin takardun da aka ɗauka da su. Ya fara gano abin ne a zanen gini, inda girman ɗakuna ya fito daban da abin da ke kan takardar asali. Dalilin shi ne wata dabarar rage nauyin fayil mai suna JBIG2: idan na'urar ta ga alamomi biyu sun yi kama, sai ta ajiye ɗaya ta riƙa liƙa shi a gurbin ɗayan. Ta haka 6 take komawa 8, kuma hoton yana fitowa fes, babu dusashewar da za ta sa mutum ya yi zargi. Kamfanin ya amsa matsalar ya fitar da gyara daga baya. Tun daga lokacin, duk mai aiki da ƙananan lambobi a takardar da aka yi wa sikanin yana da hujjar neman asali.

To, me ɗalibar za ta nema, kuma a wurin wa? A nan ne yawancin irin waɗannan wasiƙu suke lalacewa tun kafin a aika su, domin abu uku ne ake kira da suna ɗaya. Akwai jadawalin kansa a matsayin rubutu, wato lambobin da aka buga amma a fayil ɗin da ake iya kwafa. Akwai alƙaluman da aka gina jadawalin da su kafin a taƙaita, irin 2.6375 a maimakon 2.6. Sannan akwai ɗanyen bayani, wato abin da aka auna a kowane fili ɗaya bayan ɗaya. Na farko roƙo ne na minti biyar. Na ƙarshe yana iya zama roƙon aikin shekara uku na wani mutum, kuma wanda ya nemi duka a wasiƙar farko ba tare da ya faɗi dalili ba, ya sauƙaƙa wa mai karɓa yin shiru.

Ita mujalla, galibi ba ta riƙe da ɗanyen bayani. Abin da ke hannunta shi ne fayil ɗin da marubuci ya aiko, da wanda masu tsara shafi suka yi aiki a kansa, da duk wani ƙarin fayil da aka haɗa lokacin bugawa. Bayanan suna wurin marubuta, musamman wanda aka sa wa alamar tauraro ko ambulan a shafin farko, wato wanda aka wakilta ya amsa wasiƙu. Saboda haka ƙa'idar da aka saba bi ita ce a fara da shi. Ana zuwa wurin edita ne idan adireshin marubucin ya mutu, ko ya yi shiru bayan tuni, ko kuma idan matsalar ta bugawa ce, kamar wannan hoto da ba ya karantuwa. Edita yana da abu biyu da ɗalibi ba shi da su: yana iya duba fayil ɗin asali, kuma idan ya rubuta wa marubuci, wasiƙarsa tana da nauyin da ta ɗalibi ba ta da shi, musamman idan mujallar tana da rubutacciyar doka a kan raba bayanai.

Kafin ta rubuta komai, ya kamata ta zagaya ta duba ko abin yana ajiye a wani wuri. Shafin takardar a intanet wani lokaci yana da jadawalin a rubuce ko da na PDF hoto ne. Takardun likitanci da na ilimin halittu da ke rumbun PubMed Central sau da yawa haka suke. Akwai kuma ƙarin fayiloli a ƙarshen shafi, da rumbunan ajiya irin Dryad, Zenodo da Figshare. Idan kuma takardar daga kundin digirin wani aka ciro ta, to cikakken jadawalin yana iya kasancewa a rataye a ƙarshen kundin, a ɗakin karatun jami'arsa.

Idan duk wannan bai yi ba, sai wasiƙa. Da Turanci ake rubuta ta ga yawancin mujallu, amma ga ma'anar irin wadda take samun amsa:

“Zuwa ga Edita. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin kimiyyar ƙasar noma, ina haɗa sakamakon gwaje-gwajen taki a kan masara. Ina amfani da takardar da mujallarku ta buga, ga sunanta da lambarta ta DOI a ƙasa. Jadawali na 3 a shafi na 6 ya fito a matsayin hoto, kuma lambar da ke layi na biyu ba ta karantuwa: ko 2.6 ce ko 2.8. Haka kuma ba a bayyana ko ± 0.3 yana nufin SD ko SE ba. Na rubuta wa marubucin da aka wakilta makonni uku da suka wuce, wasiƙar ta dawo domin adireshin ba ya aiki. Ina roƙon ko za ku iya aiko mini da jadawalin a fayil na CSV ko Excel, in da hali da alƙaluman da ba a taƙaita ba, ko ku isar da wannan roƙo ga marubutan. Zan yi amfani da su a kundina ne kawai, zan kuma ambaci takardar. Na sa malamin da ke duba aikina a cikin wannan wasiƙa. Na gode.”

Kowace jimla a ciki tana da aikinta. Lambar DOI tana hana edita ɓata lokaci wajen neman takardar. Faɗin shafi da layi yana nuna cewa mai rubutun ta karanta takardar da gaske, kuma yana ba da damar a amsa da jimla ɗaya ko da ba a sami fayil ba. Ambaton CSV yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ba abin mamaki ba ne mutum ya roƙi bayanai a sake turo masa wancan hoton dai, an ƙara masa girma. Sa malami a cikin wasiƙar, da aikawa daga adireshin jami'a idan akwai, yana raba ta da tarin wasiƙun banza da ke cika akwatin edita. Abin da babu a cikinta ma yana da amfani: babu zargi. Ɗalibin da ya fara da cewa yana shakkar sakamakon takardar ya rufe ƙofa da hannunsa. Doguwar gaisuwa irin tamu, da tambayar iyali da gajiya, ita ma a nan ba wurinta ba ne. Edita yana karanta wasiƙa ne a tsakanin wasu ayyuka goma, kuma idan roƙon bai bayyana a layuka uku na farko ba, zai ajiye ta sai an jima, an jiman da ba ya zuwa.

Shin ana amsawa? Tarihin abin ba mai daɗin ji ba ne, kuma ya girmi imel. A 1962 Leroy Wolins na jami'ar jihar Iowa a Amurka ya ba da labarin wani ɗalibinsa da ya rubuta wa marubuta 37 a fannin nazarin halayyar ɗan Adam yana neman ɗanyen bayanan takardunsu. Mutum 32 suka amsa, amma 21 daga cikinsu suka ce bayanan sun ɓata ko sun lalace, alhali takardun ba su wuce 'yan shekaru da fitowa ba. Daga cikin 'yan kaɗan da aka samu aka sake lissafawa, an ga manyan kurakurai a wasu. Bayan shekara arba'in da huɗu, a 2006, Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Amsterdam suka nemi bayanan takardu 141 daga mujallun da suka wajabta wa marubuta raba bayanai. Kashi 73 cikin ɗari ba su bayar ba.

Lokaci ma abokin gaba ne. Timothy Vines da tawagarsa sun bi sawun takardu 516 na ilimin halittu da aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka wallafa sakamakon a 2014. Sun gano cewa damar samun bayanan tana raguwa da kimanin kashi 17 cikin ɗari a kowace shekara bayan bugawa. Dalilan ba na mugunta ba ne: adireshin imel ya mutu, mutum ya bar jami'a, bayanan suna kan tsohon faifan da babu sauran kwamfutar da ke karanta shi. Jimlar nan kuma da ake yawan gani a ƙarshen takardu, cewa za a bayar da bayanai ga duk wanda ya nema, an gwada ta. Wani nazari da Mirko Gabelica da abokansa suka buga a 2022 ya tuntuɓi marubutan takardu 1,792 da suka yi wannan alkawari. Kusan kashi 93 cikin ɗari sun yi shiru ko sun ƙi.

Ba duk ƙin bayarwa ne rashin gaskiya ba. Bayanan marasa lafiya suna ƙarƙashin yarjejeniyar da aka yi da su, kuma a ƙaramin ƙauye, shekarun mutum da sana'arsa da cutarsa sun isa a gane shi ko an cire suna. Wani marubucin kuma yana kan rubuta takarda ta biyu daga bayanan, yana tsoron a riga shi. Amma waɗannan uzurori sun shafi ɗanyen bayani ne. Ba su shafi lambar da aka riga aka buga wa duniya ba, wadda laifinta kawai shi ne ba ta karantuwa. Shi ya sa raba roƙon gida uku yake da amfani: ko an hana babba, babu dalilin hana ƙarami.

Mujallu da yawa sun fahimci cewa dogaro da kirkin marubuci ba tsari ba ne. Tun daga watan Maris na 2014 mujallun PLOS suka wajabta a bayyana inda bayanan kowace takarda suke tun lokacin bugawa, wasu manyan mujallu kuma suna liƙa fayil ɗin alƙaluma a jikin kowane zane. Ɗalibin da takardarsa ta fito daga irin waɗannan mujallu yana da abin riƙewa: sai ya ambaci dokar mujallar a cikin wasiƙarsa, cikin ladabi, da kalmominta.

Labarin da ya fi nuna abin da irin wannan wasiƙa take iya jawowa shi ne na Thomas Herndon. A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga gajeriyar takarda a mujallar American Economic Review a kan bashin gwamnati da bunƙasar arziki. Sakamakon da ya fi yin suna shi ne cewa a ƙasashe 20 masu arziki, daga 1946 zuwa 2009, idan bashi ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa take samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasa yana faɗuwa ƙasa da sifili, zuwa ragin 0.1 cikin ɗari. 'Yan siyasa a Amurka da Turai sun riƙa kafa hujja da wannan lamba wajen tsuke bakin aljihun gwamnati bayan rikicin kuɗi na 2008.

Herndon ɗalibin digirgir ne a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, an ba su aikin aji cewa kowa ya zaɓi wata takarda ya sake lissafinta. Ya ɗebo alƙaluman ƙasashen, ya yi ta lissafi tsawon watanni, amsarsa ta ƙi dacewa da wadda aka buga. Malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, da farko sun ɗauka shi ne yake kuskure, kamar yadda kowane malami zai ɗauka. Daga ƙarshe ya rubuta wa marubutan, su kuma suka aiko masa da ainihin fayil ɗin Excel da suka yi aiki da shi. A cikinsa ya ga cewa umarnin fitar da matsakaici ya tsaya kafin ƙarshen jerin ƙasashen, ya bar biyar a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Ya kuma ga an bar wasu shekaru na bayan yaƙin duniya na biyu, sannan an ba kowace ƙasa nauyi ɗaya ko shekarunta nawa ne. Ta haka shekara ɗaya tak ta New Zealand, 1951, wadda arzikinta ya ragu da 7.6 cikin ɗari, ta yi daidai da shekara 19 na Birtaniya. Da su ukun suka gyara lissafin suka fitar a watan Afrilun 2013, ragin 0.1 ya koma ƙarin 2.2.

Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren Excel ɗin, amma sun kare sauran zaɓin da suka yi, suna cewa har a sabon lissafin ƙasashe masu yawan bashi sun fi jinkirin bunƙasa. Wannan muhawara ta masana ce. Abin da ya shafi batunmu shi ne cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku da ake iya gani a takardar da aka buga, ko da hotunanta sun fito tsaf. Takarda tana nuna amsa, fayil ɗin aiki ne yake nuna hanyar da aka bi. Ya kuma dace a yaba wa marubutan a kan abu ɗaya: sun aika da fayil ɗin, wanda bisa alƙaluman da aka ambata a sama ya sa su cikin 'yan tsiraru.

Idan ɗalibar masara ta yi sa'a fayil ya zo, aikinta na farko shi ne ta sake gina jadawalin daga cikinsa ta kwatanta da wanda aka buga, gurbi bayan gurbi. Idan sun dace, shi ke nan, ta ajiye wasiƙar da ranar da ta zo, ta rubuta a kundinta cewa marubutan ne suka ba ta alƙaluman. Idan ba su dace ba, misali fayil ya nuna filaye uku ne a layi na biyu ba huɗu ba domin ɗaya ya lalace, sai ta koma wurin marubucin da tambaya tukuna, domin sau da yawa akwai bayani mai sauƙi. In kuskure ne na gaske, hanyarsa ita ce mujallar ta buga gyara a liƙa shi a jikin takardar, kuma edita ne yake da ikon yin haka.

Idan kuwa shiru ya biyo baya, wanda shi ne ya fi yiwuwa, tuni ɗaya bayan mako biyu ko uku ya wadatar, sannan a gwada wani daga cikin sauran marubutan, musamman ƙaramin cikinsu, domin sau da yawa shi ne ya yi aikin fili kuma fayil ɗin yana kan kwamfutarsa. Bayan haka sai ta yi aiki da abin da ke hannu. Ta kwafe jadawalin da hannu, wani abokin karatunta ya kwafe nasa daban ba tare da ya ga nata ba, su kwatanta, su koma kan hoton a duk inda suka saɓa. A kan lambar da ta ƙi karantuwa, ta yi lissafinta sau biyu, da 2.6 da kuma 2.8, ta sake yi tana ɗaukar 0.3 a matsayin SD sannan a matsayin SE. Idan amsar kundin ba ta motsa sosai ba a duk hanyoyin huɗu, ta bar takardar a ciki ta bayyana abin da ta yi. Idan amsar tana juyawa gwargwadon zaɓin, ta cire takardar daga babban lissafi, ta rubuta dalilin cirewar da ranakun da ta aika wasiƙunta a babin hanyoyin bincike, inda masu jarrabawa za su nema.